Wasiƙar da muka rubuta wa iyayen yarinyar da muka ninka wa allurar jentamaisin

Yarinyar 'yar shekara biyu ce, nauyinta kilo 11. An kwantar da ita a ɗakin yara na asibitin da nake aiki a Zariya ranar Litinin da safe, da ciwon nimoniya mai tsanani. Likita ya rubuta mata amfisilin da jentamaisin, kamar yadda aka saba. Ƙa'idar jentamaisin ga yaro mai irin shekarunta ita ce miligiram 7.5 a kan kowane kilo, sau ɗaya a rana. Lissafin ya ba da 82.5, aka tsayar a miligiram 80, wato kwalba ɗaya mai mililita 2. Likitan ya rubuta `od`, ma'ana sau ɗaya a rana. Da aka zo kwafewa a takardar ba da magani, aka karanta shi a matsayin `bd`, sau biyu a rana. Wanda ya taɓa ganin rubutun hannu na gaggawa ya san ɗan jan alƙalami ne kawai tsakaninsu.

Aka yi mata allurar ƙarfe goma na safe da goma na dare ranar Litinin, haka ranar Talata, sannan goma na safe ranar Laraba. Allura biyar ke nan maimakon uku, miligiram 400 maimakon 240. Ba mu da ke ɗakin muka gano ba. Mahaifinta ya sayi kwalba biyar tun ranar farko, na kwana biyar, sai ga shi ranar Laraba da azahar an sake tura shi famasi. Mai ba da magani ta duba ta ga maganin kwana biyar ya ƙare a kwana biyu da rabi, ta ƙi sayar masa, ta taso da kanta ta zo ɗakin.

Kafin a yi maganar takarda, an fara da yarinyar. An tsayar da jentamaisin, an mayar da ita kan seftiriyazon, an ɗebi jini don auna kiriyatinin da yuriya, waɗanda ke tashi idan ƙoda ta yi rauni, da gishirin jiki, an fara auna fitsarinta. A yaro muna so mu ga aƙalla mililita 1 a kan kowane kilo a kowace awa, wato kusan mililita 260 a kwana guda ga mai kilo 11. Tunda famfas take sawa, sai a auna nauyinsa a bushe, a sake aunawa bayan ya jiƙe, giram ɗaya a madadin mililita ɗaya. An kuma rubuta da jan biro a bangon fayil ɗinta cewa kada a ba ta ibufurofen ko furosemaid sai da izinin babban likita, domin na farkon yana ƙara wa ƙoda nauyi, na biyun kuma yana ƙara haɗarin ga ƙoda da kunne idan ya haɗu da jentamaisin. Takardar maganin da kuskuren yake ciki ba a goge ta ba, ba a sake kwafe ta ba. An ja layi ɗaya, an sa hannu da lokaci, an bar ta yadda kowa zai iya karanta abin da ke ƙarƙashi.

Da la'asar ɗin ranar, babban likitan yara da shugabar nas-nas suka zauna da iyayen a ofis, suka faɗa musu baki da baki. Wasiƙa ba ta maye gurbin wannan zama, kuma bai kamata iyaye su fara jin irin wannan labari daga takarda ba. Mahaifin ya saurara har ƙarshe, ya ce: “Ba komai, likita. Ƙaddara ce. Allah ya kiyaye gaba.” Mahaifiyar ba ta ce uffan ba.

A wurina wannan amsar ce babban dalilin rubuta wasiƙar. Mutanenmu suna yafiya da wuri, kuma da gaske suke yi. Amma mutumin da ya ce ba komai ya rufe maganar a zuciyarsa, alhali illar jentamaisin ba ta bin wannan lokacin. Ana ba da shi sau ɗaya a rana ne don jiki ya samu tazarar da zai fitar da shi kafin na gaba ya shigo. Idan tazarar ta ragu zuwa awa 12, maganin yakan taru a ƙoda da cikin kunne. Na ƙoda yakan bayyana bayan wasu kwanaki, sau da yawa yaro yana fitsarinsa kamar kullum, sai gwajin jini ne zai nuna, kuma galibi yakan warke. Na kunne yana iya fitowa bayan an daina maganin da makonni, idan kuma ya faru, yawanci ba ya komawa. Yarinyar da ke koyon magana ba za ta ce muku ba ta ji sosai ba. Saboda haka abin da ya fi hatsari zai iya zuwa ne bayan an sallame su sun koma ƙauyensu ta wajen Soba, a lokacin da abin da aka faɗa a ofis ya riga ya dusashe. Takarda ce kaɗai za ta bi su gida.

Ni aka ba aikin rubuta daftarin. Kafin in rubuta layi ɗaya, sai da na tattara abubuwa a gabana: asalin rubutun likita, takardar ba da magani, rasidin famasi, sakamakon jinin Laraba, da bayanin zaman da aka yi da iyayen. Na jera allurai biyar ɗin da rana da lokaci, na ba mai famasi ta gwada da lissafinta. Wannan ya zama dole, domin a zaman farko an ce musu allura “kamar biyu ko uku” aka ƙara. Idan wasiƙa ta ce biyu, fayil ya ce uku, duk sauran abin da ke cikinta ya rasa daraja.

Sannan na je wurin shugabannin asibiti da tambayoyi guda uku, na nemi amsarsu a rubuce: wa zai biya gwaje-gwajen jini, wa zai biya gwajin ji da kuɗin mota, kuma wa za a sa sunansa a matsayin wanda iyayen za su nema. Ban yarda in rubuta “asibiti zai ɗauki nauyi” ba sai da na ga sa hannu. Alƙawarin da aka yi a wasiƙar neman afuwa, idan mutum ya zo wurin biyan kuɗi aka ce ba a san zancen ba, ya fi kuskuren farko ɓata zuciya.

Daftarin farko da aka saba amfani da irinsa da Turanci yake. Mahaifin yana karanta Hausar boko da kyar, ya fi ƙarfi a ajami, mahaifiyar kuma ba ta karatun boko. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a yi wa majiyyaci bayani da harshen da yake fahimta, a kuma lura da matakin karatunsa. Sai muka rubuta da Hausa tun daga tushe, muka yi ta Turanci a bayan takardar saboda duk likitan da za su nuna wa nan gaba. Mun tabbatar adadi da ranaku iri ɗaya ne a fuska biyun.

A kan kalmomi aka fi daɗewa. Na fara da “an samu akasi wajen ba da magani”. Shugabar nas-nas ta ce akasi kowa yana samu, mota ma tana samun akasi a hanya. Muka mayar da shi “kuskure”. Sai kuma wannan “an” ɗin namu na Hausa: an yi, an ba ta, an gano. Yana da daɗin rubutu domin ba ya nuna kowa, kuma shi ya sa bai dace a nan ba. Duk inda laifi yake muka sa “mun”. Ba mu ambaci sunan nas ɗin da ta kwafe ba, ba mu ambaci likitan da ya rubuta ba. Ba ɓoye su muka yi ba. Kuskuren ya ratsa hannu da yawa: rubutun da bai fita ba, kwafin da ba wanda ya sake dubawa, zagayen likitoci na safiya biyu da ba a gwada takardar magani da asalin umarni ba, nas-nas na aikin dare biyu da ba su yi mamakin ganin jentamaisin sau biyu ba. Ɗora shi a kan mutum ɗaya zai zama ƙarya, kuma zai bar ramin a buɗe.

“Ku yi haƙuri” ma mun cire shi. Kalma ce ta jaje, wadda ake faɗa wa wanda gobara ta shafa ko aka yi wa rasuwa, mai faɗinta ba lallai yana da hannu ba. Wani ya kawo shawarar “ku yafe mana”. Na ƙi, domin wannan roƙo ne, yana ɗora wa iyayen nauyin ba da amsa, kuma mutum mai kunya zai ji kamar idan ya yafe ba shi da bakin yin tambaya ko kai ƙara. Muka tsaya a kan “muna ba ku haƙuri, laifinmu ne”, muka kuma faɗa a fili cewa yafiyarsu ba ta soke haƙƙinsu ba. Kalmar ƙaddara ba mu sa ta ba ko sau ɗaya. Mahaifin yana da ikon faɗinta. Idan ta fito daga bakin wanda ya yi kuskuren, ta zama mafaka.

Ga abin da ya fita, ban da sunaye da kwanan wata da lambar waya:

“Assalamu alaikum. Zuwa ga Malam da Malama, iyayen yarinyar da ke kwance a ɗakin yara.

Mun rubuto ne don mu tabbatar muku a rubuce da abin da muka faɗa muku ranar Laraba da la'asar. Mun yi kuskure a maganin 'yarku. Allurar da ake kira jentamaisin, wadda ya kamata mu yi mata sau ɗaya a rana, mun yi mata sau biyu a rana daga safiyar Litinin zuwa safiyar Laraba. Ta karɓi allura biyar maimakon uku, kowace miligiram 80. Likita ya rubuta sau ɗaya, mu muka kwafe shi ba daidai ba, kuma ba mu lura ba sai ranar Laraba da azahar. Laifinmu ne. Babu abin da kuka yi ko kuka bari da ya jawo wannan. Muna ba ku haƙuri ƙwarai.

Yawan wannan magani yana iya taɓa ƙoda, yana iya taɓa ji da daidaiton tafiya. Gwajin jinin da muka yi ranar Laraba ya nuna ƙodarta tana aiki daidai, fitsarinta ma yana fita yadda ya kamata. Amma illar tana iya jinkiri, don haka ba za mu ce muku komai ya wuce ba tukuna. Na ƙoda yawanci yana warkewa. Na kunne, idan ya faru, yana iya zama na dindindin.

Mun tsayar da allurar, mun sauya mata wani magani na ciwon da ya kawo ta. Za mu sake gwajin jini ranar Juma'a da ranar Litinin, da kuma mako ɗaya bayan sallama. Za a yi mata gwajin ji cikin mako biyu, a sake bayan wata uku. Asibiti ne zai biya waɗannan gwaje-gwaje da kuɗin motarku, zai kuma mayar muku da kuɗin kwalba biyun da aka ƙara.

Ku dawo da ita nan take idan fitsarinta ya ragu, ko fuskarta ko ƙafafunta suka kumbura, ko tana yawan amai, ko tana tangaɗi, ko ba ta waiwayowa idan an kira ta ta baya, ko ta rage maganar da ta riga ta iya. Kada a ba ta ibufurofen, ko wata allura a kemis, ko jiƙo, sai an nuna wannan takarda ga likita.

Muna binciken yadda hakan ta faru, za mu sanar da ku sakamakon a rubuce cikin mako huɗu. Kuna da haƙƙin neman bayanin abin da ke fayil ɗinta, da nuna ta ga wani likita, da kai ƙorafi ga shugaban asibiti ko ga hukumomin da ke kula da aikin likitoci da nas-nas. Yafiyar da kuka yi mana ba ta hana ku ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma yin su ba zai rage kulawar da 'yarku ke samu ba.”

Babban likitan yara ne ya sa hannu, tunda shi ne mai alhakin jinyarta kuma shi suka gani a zaman farko. A ƙasa muka sa sunan shugabar nas-nas da lambar da ake ɗagawa, da ranakun da take nan. Lambar ofis da ba mai ɗauka bayan ƙarfe huɗu ba ta da amfani ga uwar da ta ga fuskar 'yarta ta kumbura da dare, don haka aka ƙara lambar ɗakin yara.

Sashen da aka fi ja-in-ja a kansa shi ne jimlar da ta ce matsalar kunne tana iya zama ta dindindin. Wasu sun ce za ta tayar musu da hankali a banza, tunda ƙarin allura biyu ne kawai, kuma mai yiwuwa ba abin da zai faru. Gaskiya ne cewa tsawon kwana biyu da rabi gajere ne, haɗarin ya fi yawa ga wanda ya daɗe a kan maganin ko wanda ƙodarsa ke da rauni. Amma ɗakin gwajinmu ba ya auna yawan jentamaisin a jini, don haka ba mu da adadin da za mu dogara da shi mu ce ba komai. Kuma manomin da zai bar gonarsa ya kawo yarinya mai wasa da dariya gwaji bayan wata uku, sai ya san abin da ake gudu. Muka bar jimlar. Abin da muka cire shi ne lambobin kiriyatinin, muka bar su a fuskar Turanci, domin “31” ba ta gaya wa mahaifin komai.

Mai ba asibiti shawara kan shari'a ya karanta daftarin. Ya gyara wuri ɗaya da na yarda da shi: na rubuta cewa “ba za a sake irin wannan ba”, ya ce wannan ba alƙawarin da za mu iya cikawa ba ne. Ya kuma so a saka layin da iyayen za su sa hannu cewa sun yafe. Babban likita ya ƙi. Abin da suka sa wa hannu a ƙarshe shi ne cewa sun karɓi takardar kuma an karanta musu, ba wani abu ba.

Ranar Alhamis da hantsi muka miƙa ta, wato ƙasa da kwana ɗaya bayan zaman farko. Ba a ba masinja ba, ba a ajiye a kan gado ba. Da safen kakar yarinyar da wani kawunta sun zo dubiya, kowa yana son ya ji. Muka tambayi iyayen a keɓe wa suke so ya zauna, domin bayanin majiyyaci sirri ne ko a wurin dangi. Mahaifin ya ce yayansa ya shigo, kakar ta zauna da yarinyar. Shugabar nas-nas ta karanta a bayyane, sakin layi bayan sakin layi, tana tsayawa. Da ta zo kan alamomin, ta juya wurin mahaifiyar ta ce: “Maman yarinya, ke ce kike tare da ita dare da rana. Faɗa mini abubuwan da za ki gani ki dawo da ita.” Ta lissafo huɗu, ta manta da tangaɗi da kumburi, aka sake maimaita mata. Nan ne ta yi tambayarta ta farko tun ranar Laraba: ko nonon da take ba ta da dare zai ƙara mata illa. Aka ce a'a, ta ci gaba, ruwa a jiki ma taimakon ƙodar yake yi.

Likita ya tambaye ta ko a danginta, ta wajen uwa, akwai wanda ya kurumce bayan an yi masa allura. Akwai wani gado da ake ɗauka ta wajen uwa kawai, wanda ke sa kunne ya kasa jure irin wannan magani ko da an ba da shi daidai. Ta ce ba ta sani da kowa ba. An rubuta amsar a fayil.

Kwafi uku muka yi: ɗaya na iyaye, ɗaya a fayil, ɗaya wurin shugaban asibiti. Rahoton cikin gida na abin da ya faru daban yake, ba ya shiga hannun iyaye a matsayin wasiƙa. Mai famasi kuma ta cike fom ɗin rahoton magani na hukumar NAFDAC.

Kiriyatinin ɗinta ya tashi daga 31 ranar Laraba zuwa 44 ranar Juma'a, a ma'aunin maikuromol a lita. Duka biyun za su iya wucewa a idon mai duba sakamako ɗaya tilo, amma tashin ya kusa kai rabin na farko, kuma rabi shi ne inda ake fara kiransa raunin ƙoda. Da yake wasiƙar ta ce illa tana iya jinkiri, da aka je gaya wa mahaifin ba a fara daga farko ba, shi da kansa ya ce: “Wannan ne abin da takarda ta faɗa?” Ranar Litinin ya sauko 36, aka sallame su ranar Talata. Na mako ɗaya bayan sallama ya dawo 32.

Gwajin ji ba mu da na'urarsa, don haka takardar turawa muka ba su zuwa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, da kwafin fuskar Turanci a maƙale. A nan muka yi tuntuɓe. Wasiƙar ta ce asibiti zai biya kuɗin mota, amma ba ta ce a wane ofis za a karɓa ba, ko kafin tafiya ne ko bayanta. Mahaifin ya zo, aka yi ta tura shi daga wannan taga zuwa waccan har azahar, sai da ya kira lambar da ke ƙasan takardar. Yanzu a daftarin da muke ajiye da shi akwai layin da ke faɗin ofishin, da cewa ana ba da kuɗin a hannu kafin tafiya.

Gwajin farko ya nuna kunnuwanta biyu suna amsawa. Wasiƙa ta biyu ta fita a mako na huɗu kamar yadda aka yi alƙawari, shafi ɗaya, tana faɗin abin da bincike ya gano da abin da aka sauya: an daina rubuta `od` da `bd` ga jentamaisin a ɗakin yara, ana rubuta `24 hourly` cikakke, ana soke sauran akwatunan ranar a takardar magani don kada a samu wurin sa hannu na biyu, kuma mai famasi tana zagayowa kowace safiya ta gwada kwafi da asali. A ƙarshenta muka sake rubuta ranar gwajin ji na wata uku da manyan baƙi, shugabar nas-nas kuma ta sa a littafinta cewa za ta kira mahaifin mako ɗaya kafin ranar.